Ban Gajiya ta Imel

Mamata ba ta yarda da godiyar da ba a taka da ƙafa ba. Tun muna ƙauye wajen Rijau, ko turmi ta ara, washegari sai ta je ban gajiya. Shi ya sa ranar da malamai uku na wata jami'a a ƙasar waje suka yi mini tambayoyin neman gurbin digiri na biyu ta bidiyo, ina rufe kwamfuta ta fara tambayar me za mu kai musu. Har zuma ta ambata. Na ce mata imel ake turawa, gajere, kafin kwana ya zagayo. Ta taɓe baki, ta ce ai sai in karanta mata da Hausa, kada in kunyata ta.

Mu biyu ne a gidanmu na Kontagora tun rasuwar Baba. Ina koyarwa a sakandare, ita tana sayar da daddawa a ƙofar gida.

Da safe na zauna kan bencinta da waya a hannu, tana ƙulla daddawa. Na karanta mata godiyar da na yi wa shugabar malaman kan lokacin da suka ba ni, ta gyaɗa kai. Na karanta inda na tuna musu hirarmu kan funfunar da ke ɓata masara a rumbu, na nuna yadda bincikena na digirin farko a rumbunan Tungan Magajiya ya dace da aikin sashensu. Nan ta yi dariya, wai ashe har Turawa na fama da rumbu.

Sai na iso layin ƙarshe. Da Turanci bai yi mini nauyi ba, kowa haka yake rubutawa. Da Hausa kuwa sai na ji nauyinsa. Na rubuta cewa bayan hirar nan na ƙara tabbata babu inda nake so in kasance shekara mai zuwa kamar wurinsu.

Hannunta ya tsaya cikin kwano.

“Wannan ladabi ne, ko gaskiya ce?”

Na so in ce ladabi ne. Na ce in tana so sai in goge, saƙon zai tafi haka.

“Ba shi na tambaye ki ba.”

“Gaskiya ce, Mama.”

Ta ci gaba da ƙullinta. Can ta ce in tura yadda yake, ba a yi wa mutum ban gajiya da rabin baki. A gabanta na tura.

Ban sani ba ko saƙon ya taimaka, amsarsu layi ɗaya ce. Gurbin dai ya zo bayan wasu makonni, na kuma tafi.

Yanzu duk Lahadi bayan coci takan kira ni daga kan bencin nan, ina jin ƙarar Keke Napep a bayanta. Kewarta na damuna ƙwarai. Ba ta taɓa tambayata ko har yanzu layin nan gaskiya ne ba. Tambayarta ɗaya, ko daddawar da na tafi da ita ta ƙare.