Layin da Ya Hau Sama, Ruwa Kuwa Yana Ƙasa

A Tawa, duk wanda ya taɓa kai wa Attaher injiniyan ruwa takarda mai ƙananan rubutu ya san abin da ya sha. Zai miƙa ta iya tsawon hannunsa, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Wannan don tururuwa ka rubuta?" Mutane suna cewa baƙar zuciya gare shi. Ƙarya suke! Ba su san abin da aka yi masa ba ne.

An haife shi a wani ƙauye arewa da Takanamat, ubansa Buzu mai raƙuma, uwarsa Ba'adara, wato 'yar Adar, ƙasar su Tawa. Farin saba'in da uku ya cinye dabbobin gidansu yana lakkwal, wato makarantar boko. Daga nan ya ƙudura sai ya san inda ruwa yake ɓuya. Ya yi karatu a Wagadugu, ya dawo ya kama aiki a wani furoje, wato shirin kula da rijiyoyi. Kowane wata yana kan babur tsakanin Kalfu da Barmu da Takanamat, yana zura igiyar awo, yana rubuta mita nawa ne daga bakin rijiya zuwa ruwa.

Daminar tamanin da huɗu ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Rijiyar ƙauyensu, inda yayarsa Tanna take zaune da 'ya'yanta da 'yan awakinta, ta kusa kai ƙasa. In ba a ƙara mata zurfi kafin bazara ba, garin zai watse.

Sai ga taron masana ruwan ƙasa a Yamai. Attaher ya ji cewa masu zaɓen yankunan da za a tura injin haƙa za su zauna a zauren. An ba furojensu minti goma sha biyar, kuma shi zai yi magana.

Ya zauna ya shirya diyapo, wato ƙananan hotunan nan da ake sakawa a na'ura ta haska su a bango. A zamanin, da hannu ake zana kowanne da tawada a farar takarda, a ɗauke shi da kyamara, a kai fim ɗin Yamai a wanke. Ya yi guda takwas. Lissafi ɗaya tak ya sa. A zanen rijiyoyin ya jera shekaru a gindi, zurfi a gefe, da manyan haruffa da kalmar "mita" ɓaro-ɓaro. Sifiri ya sa shi a sama, domin bakin rijiya a sama yake, zurfi yana ƙaruwa zuwa ƙasa. Ko makiyayin da bai taɓa shiga aji ba zai ga layin yana gangarawa ya san ruwa ne ke gudu. Na ƙarshe kuwa jimla ɗaya ce: ruwa ya sauka mita huɗu a shekara uku, rijiyoyin arewacin Adar za su ƙafe kafin damina.

Shugaban furojen, Ciɗo, wanda ake kira Mushe Ciɗo irin na Faransanci, ya duba zane-zanen ya taɓe baki.

"Attaher, mi kenan? Allon 'yan aji ɗaya? Manyan furofesoshi za su zo. Ina lissafin? Kuma wa ya taɓa ganin sifiri bisa?"

"Ranka ya daɗe, rijiya ce. Ƙasa take tafiya."

"To wannan na ƙarshen fa? Soja za su zauna a gaba, kai kuma ka rubuta masu da manyan baƙaƙe cewa ruwa ya ƙare? Kai kaɗai ke da wuya?"

Attaher ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Mushe Ciɗo ya ce ya ji, ya tattara takardun, ya ce tunda zai riga shi zuwa Yamai, shi zai kai a ɗauka a wanke. Wa zai hana shugabansa ɗaukar kaya?

Sai da safen ranar taron aka miƙa masa akwatin diyapon. Ya ɗaga na farko wajen taga. Duk mai wannan aiki ya san ƙa'idar: in ba ka iya karanta diyapo da ido a hannunka ba, na bayan zaure ba zai karanta shi a bango ba. Wannan ko harafi ɗaya bai fita ba. Ashe Mushe Ciɗo ya sa an sake zanawa. An buga sunayen gefe da tafireta, an cusa rijiya goma sha biyu a zane ɗaya, an ƙaro diyapo shida na lissafi daga littafi. Na sakamakon babu shi, an cire. Sifiri kuma ya koma ƙasa.

"Wallahi kun kashe ni," in ji Attaher.

"Ba lamba ɗaya da muka canza," in ji Mushe Ciɗo, yana gyara kwat.

Abin da ya fi ƙona rai kenan: gaskiya ya faɗa. Lambobin suna nan yadda suke. Amma da sifiri a ƙasa, duk sanda zurfi ya ƙaru, layi sama yake hawa.

Aka kashe fitila. Attaher ya yi ta roƙon mai na'ura ya wuce lissafin, na'urar tana ƙwas-ƙwas, wani furofesa kuma ya tsayar da shi a kan wani harafi da shi kansa bai san dalilin zuwansa ba. Lokaci ya tafi a nan. Da zanen rijiyoyin ya fito, layuka goma sha biyu suka miƙe sama kamar gero a shekarar albarka. Ya buɗe baki ya ce, "Wannan zurfi ne, wato ruwan..." sai shugaban zama ya buga biro a kofi, lokaci ya cika.

Wani babban soja a layin gaba ya nuna bangon ya ce da ƙarfi, "Madalla! Ko banza ga wuri guda da abu ke hawa." Zaure ya yi dariya. Mushe Ciɗo ne ya fara tafi.

Kada a ce Attaher ya yi shiru. Ya ɗaga murya ya ce ruwan sauka yake, amma an kunna fitila, kujeru suna ƙara, ana ta fita shan kafe. Masana biyu ko uku sun gane, ɗaya ma ya dafa kafaɗarsa a ƙofa. Sai dai ba su ke raba injin haƙa ba. Masu rabawa sun ga layi yana hawa, sun ji babba ya ce madalla, wa zai je ya ce masa ranka ya daɗe ba ka iya karanta zane ba? Ya bi su har mota da bayaninsa, aka ce ya rubuto. Ya rubuta. Injin ya tafi wani yanki, aka ce na Adar su jira zagaye na gaba.

Haushi ya hana shi cin abinci. Ya shiga ofishin Mushe Ciɗo ba sallama, ya faɗa masa maganar da ta sa bai ƙara samun ƙarin girma ba har ya bar aiki. Tun daga ranar kuma bai sake barin wani ya taɓa masa zane ba, ko uban wa ne.

Da zafi ya tsananta ya hau babur zuwa ƙauyen. Ya zura igiyar awo, ta fito da busasshen yashi. Ya tarar da Tanna tana ɗaure tabarmi da tukwane a kan jaki, za su bi mutane kudu. Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, abin da ya fi masa ciwo.

"Ƙanena, ka je Yamai ɗin? Ka gwada masu?"

"Na gwada masu, Yaya."

"To mi suka ce?"

Ya naɗe igiyar.

"Tafi suka yi," in ji shi.