Hancin Goggo Mai Kasko

A layinsu ba a tambayar gidan Goggo Mai Kasko, hanci ne ke kai mutum. Tun tana amarya take turara ɗakinta da ƙaro, har yara suka manta sunanta na yanka. Kuma ta iya, ba na hana ta wannan. A tsakar gida take hura gawayi, sai ya yi jajir, baƙin hayaƙin ya wuce, toka ta fara rufe shi. Sannan ta ɗauki garwashi biyu ta sa a kasko, ta barbaɗa toka kaɗan don kada ƙaron ya ƙone ya yi ƙauri, ta ɗora ɗan gutsure kamar ƙwayar wake. Taga a buɗe, kasko nesa da labule. Da ƙaron ya narke, hayaƙin ya lafa, sai ta fitar da kaskon waje. Duk yarinyar da ta zo koyo sai ta sha faɗa: "Ke, ɗaki za ki turara ko ɓera za ki kora?"

Mijinta tsohon direba ne, mutum mai ƙarancin magana. Tun da ya ajiye tuƙi ba shi da wurin zama sai kujerar da ke bakin gadonta. Nan yake wuni da rediyonsa, ita tana surutu, shi yana cewa "haka ne".

Sai wata mura mai naci ta kama Goggo. Murar ta tafi, ta yi gaba da hancinta. Ta sa ƙaro, ba ta ji komai ba. Ta zagi mai sayarwa, ta canza wani, ta zagi wannan ma. A ranta ta san inda matsalar take, amma mai kasko guda ta ce ba ta jin ƙamshi? Ai gara a ce ta kurmance. Sai ta ƙara ƙaro, daga ƙwayar wake ya koma cikin tafi. Garwashi biyu suka zama kasko fal. Ta ce iska ce ke kwashe ƙamshin tana kai wa maƙwabta, ta rufe taga, ta saki labule.

Direba ya yi tari, ya share hawaye, ya daure iya daurewa. Rannan ya ɗauki kujerarsa ya koma ƙofar gida.

Wannan ya yi wa Goggo ciwo ƙwarai. Ta leƙa ta ga gurbin kujerar a kan leda, ta ce shi ke nan, tsufa ya sa ya gaji da ita. Kuma me ta sani na jawo miji in ba turare ba? Sai ta ninka.

Wata rana da hantsi ta cika kasko, ta zuba ƙaro son ranta, ta kulle ko'ina, ta zauna jiran sa. Kanta ya fara sarawa, zuciyarta na tashi. Ta miƙe, jiri ya kwashe ta, ta faɗa kan tulin kwanoni. Ƙarar ce ta shigo da Direba a guje, da takalmi ɗaya. Ya banka ƙofa, ya ja ta tsakar gida, ya koma ya buɗe taga, ya fito da kaskon ya sheƙa masa ruwa. Bai saurari gardamarta ba, ya kai ta asibiti.

Ma'aikaciyar jinyar da ta duba ta ta ce, "Mama, kin auna arziki. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ko ya yi ja. A rufaffen ɗaki tana iya kashe mutum."

"Ni za ki gaya wa?" in ji Goggo, murya ƙasa-ƙasa. "Ni nake gaya wa mutane."

Suka kamo hanyar gida. Can ta ce, "Malam, don me ka fitar da kujerarka?"

"Numfashi na je yi."

"Ba gajiya ka yi da ni ba?"

"Ni? Ina ta jiran ki buɗe taga ne in dawo."

"To me ya hana ka magana?"

"Yaushe kika taɓa ba ni fili?"

Ta harare shi, sai kuma idonta ya ciko. "Ba na jin ƙamshi, Malam. Ko kaɗan. Tun murar nan."

Ya ce, "To ai nawa hancin yana nan, zaman banza yake yi."

Yanzu kujerar ta koma gurbinta. Goggo na hura gawayi a waje, garwashi biyu, taga a wangale. Takan ɗora ƙwayar waken ta juyo tana kallon sa. Shi kuwa sai ya rage rediyo, ya ɗaga hanci yana jan rai kamar alƙali, don ya san yanzu shi ake jira ya yi magana.

"Ya isa," yakan ce.

"Ka tabbata? Ko in ɗan ƙara?"

"Ya isa. Irin na ranar da na fara shigowa ɗakin nan ne."