Hannuwan Kafinta a Allon Akawu

Akawu ake ce mata, ko da yake rabonta da ofis shekara shida ke nan. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana buga wasiƙun mutane, daga tafireta har zuwa kwamfuta, ba ta taɓa buga nata ba. Har yanzu in ta zauna shiru, yatsunta kan yi ta motsi a kan cinyarta, sai ka ce wani na yi mata shifta daga nesa.

Mijinta kafinta ne. Shagonsa na jikin gidan, taga ɗaya ce tsakaninsa da ɗakin girki. In rana ta karkato, garin katako kan yi ta iyo a cikin haske, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗauke shi bidiyo, wayar a kwance, bai ma sani ba. Guntaye sittin da wani abu ta tara. Da ɓarin jikinsa ya shanye, sai ya juya wa duniya baya. Bakinsa ya warware, amma magana sai da dalili, kuma ya hana a buɗe tagar nan. Wannan shirun shi ya fi ciwon ci mata rai. Ta ƙudurta za ta haɗa guntayen su zama abu guda, ko ya ga kansa ya yi marmarin mutane.

Nan fa masu ba da shawara suka samu abin yi. Autarta, wadda ba ta ajiye waya ko a wajen cin abinci, ta ce manhajar waya ita ce daidai da sabon shiga, ba sai an kwashe komai an kai ko'ina ba. Kafin shayi ya huce ta zuba guntayen a wani shiryayyen tsari, ta miƙo. Abin ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai tsarin na tsaye ne, ya datse gefe da gefe, ga fuskar kafinta amma hannuwansa sun fita waje. Kiɗa ya danne ƙarar zarto, ga tambarin manhajar maƙale a kusurwa.

"Auta, ina hannun babanki?"

Auta ta ce ai ana iya mayar da shi kwance, a cire kiɗan, kuma gaskiya ta faɗa. Akawu ta gwada kwana biyu. Ta je yanke daƙiƙa ɗaya, yatsa ya kwashe uku. Wayar ta yi zafi, ta ce wuri ya cika, idanunta kuma suka yi ta ruwa.

Ƙaninta mai shagon buga takardu ya kawo tsohuwar kwamfutar cinya, ya sa mata manhajar kyauta, marar tambari. Bai ɓoye mata ba: za ta sha wuya kafin ta gane kanta, kuma na'urar ta tsufa. Ya kwashe guntayen ta kebul, don turawa ta manhajar hira na rage musu kyau, ya tara su a folda ɗaya.

"Yaya, kar ki goge su, kar ki canza musu wuri. Manhajar nuna su kawai take yi, ba ta haɗiye su ba. Sai kin fitar da bidiyon ya zama bidiyo."

Ranar farko ta kusa mayar masa da kayansa. Allon cike da tagogi, hoton yana tafiya yana tuntuɓe, sai da ƙanin ya rage ingancin hoton dubawa sannan ya daidaita. Amma da babban yatsanta ya sauka a kan dogon madannin nan mai ba da tazara, kafinta ya motsa a allo, ta sake dannawa ya tsaya cak, sai ta ji wani sanyi a ranta. Yatsun sun dawo gida. Sati uku tana kan teburin cin abinci da hantsi, tana matsawa hoto bayan hoto, tana kallon ƙarar guduma a layin sauti kamar haƙoran mataji. Wani lokaci ta manta da yanka, ta yi ta kallo har tukunya ta kama.

Minti bakwai ya fito, babu kiɗa. Ta ɗora kwamfutar a kan matashi a gabansa. Ƙarar zarto ta cika ɗakin. Ya yi ta kallo har wajen minti na biyar, inda aka nuno shi yana ɗaura madubi a ƙofar wata wardrof.

"Tsayar."

Ta tsayar. Ya ɗaga hannun mai lafiya ya nuna can ƙarshen gefen allo. A cikin madubin, ga wata mata a bakin ƙofa, ludayi a hammata, waya a hannu, tana murmushi ita kaɗai. Sati uku Akawu tana kallon wurin nan ba ta taɓa ganinta ba, hannuwansa take bi.

Ya daɗe yana duban matar, sannan ya juyo ya dubi ta kusa da shi.

"Ashe duk kina wurin," ya ce. "Mayar da shi farko, ni ban ga sauran da kyau ba. Ki zauna."