Ƙahon Baba Tambaya

Baba Tambaya ya yi ƙuruciyarsa yana busa ƙahon Turawa a badujalar 'yan sanda. Da ya yi ritaya sai ya dawo Tambuwal, wata makarantar sakandare ta ɗauke shi yana jagorantar masu busa. Na san shi ne bayan dawowata daga karatu, lokacin da aka fara raɗe-raɗin kunnensa ya yi nauyi. Shugabar makarantar, Hajiya Mu'minatu, ta ce idan hakan ta tabbata, sai dai ya ajiye ƙahon.

Shi ya fahimtar da ni halin ƙahon. Idan ya ga C a takarda ya busa, sautin da ke fita B filat ne a fiyano, wato mataki ɗaya ƙasa. Rubutu daban, abin da kunne ke ji daban. Takardun makarantar kuwa duk na fiyano ne, don haka shekara da shekaru yana ɗaga kowane sauti mataki ɗaya a kansa kafin ya kai yatsa. Abin ya zame masa jiki, har ba ya sanin yana yi.

Aka gayyaci masu busan zuwa taron makarantu a Kebbe. Sabon malamin kiɗa, Gazali, shi ke riƙe da fiyano. A mota, kan hanyar zuwa, ya miƙa wa Tambaya takardar waƙar.

"Baba, ga taku. Na gyara muku ita."

Tambaya ya kalli bakinsa, ya yi dariya. "Madalla, ɗana. Ni da nika busa tun ba a haife ka ba."

Ina kusa da su. Na lura dariyar ta zo a makare, irin ta wanda ke cika zance da zato.

Waƙar a F take a fiyano. Gazali ya riga ya ɗaga ta zuwa G saboda ƙaho. Tambaya ya ga G, ya ɗaga ta zuwa A kamar kullum. Fiyano na F, ƙaho na fitar da G.

Tun sautin farko mutane suka fara duban juna. Gazali ya ɗago kai. "Baba! Ku busa yadda aka rubuta!" Kowane mai busa kan yi irin wannan kuskure, amma mai ji yakan gane kafin numfashi na biyu. Tambaya ya ci gaba, ƙirji a buɗe, sauti tsaf, har ƙarshen waƙar. Ya sauke ƙahon yana jiran tafi.

Hajiya Mu'minatu ta taso daga rumfa a hankali. Ta tsaya bayan kafaɗarsa, ta kira sunansa da murya madaidaiciya. Ta sake kira. Yana goge bakin ƙahon da gefen riga.

Da aka dawo daga hutu, Gazali ne ke jagorantar masu busa. Tambaya yana gonarsa a Sanyinna. Na je gaishe shi da damina. Ya ce har gobe bai ga inda ya kuskure a takardar ba.