Layin Ƙasa da Na Ƙi Buɗewa

Wautar da na yi ranar ƙarama ce: sau ɗaya a rayuwata na ji maganar manya, shi ma a inda bai dace ba.

A Samaru duk mai buga Sikirabul, wasan jera haruffan Turanci a allo a haɗa kalma, ya san ni da haɗama. In na hango maki arba'in, ko a bakin kura yake sai na zura hannu. Malaminmu, wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa, yana tara mu ran Asabar a ajin Sande Sukul na wani coci a Sabon Gari, ya gaji da yi mini faɗa. "Kai ɗan nan, S huɗu ne kacal a jaka, kana zubar da su kamar ɓawon gyaɗa. Riƙe haruffa masu kyau. Kuma daina buɗe wa mutane layi."

Za a kai mutum uku gasar matasa a Kaduna. Biyu sun samu. Kujerar ƙarshe tsakanina ce da wata yarinya, 'yar mai sayar da kayan mota a Sabon Gari, wadda Hausarta ta fi tawa. Wasa ɗaya, wanda ya ci ya tafi. Ni kuwa tuni na shaida wa rabin Samaru cewa zan tafi, har da mai ƙosan bakin layinmu.

"Ɗan Samaru, ka karya kuwa?" ta ce tana girgiza jaka. "Kar ka faɗi a ce ni ce."

"Ki ji da kanki, 'yar gareji."

Wasa ya yi nisa tana gabana da kusan talatin, jaka ta fara sauƙi. A hannuna akwai Z, O, E, R, S, T, I. Na ga wuri biyu. Na farko zai ba ni arba'in da 'yan kai, amma zai cinye mini S, kuma harafin ƙarshe zai sauka a layin ƙasa, tsakanin jajayen gidaje biyu masu ninka maki sau uku. Duk mai haruffan da suka dace zai bi ta kansa ya kwashi ganima. Na biyu haruffa biyu ne kawai, Z da O, maki ashirin da biyu, ba ya buɗe komai, ya bar mini E, R, S, T, I. Da irin waɗannan ake yin bingo, wato ka ajiye haruffa bakwai a tashi ɗaya a ƙara maka hamsin.

Hannuna har ya ɗauko S. Sai na ji Malam ya yi gyaran murya can bayan aji. Daga baya na gano mura yake yi. Na mayar da S, na ajiye biyun, na zauna kamar wani dattijon coci.

Na zura hannu a jaka na ciro A da N. Bingo ya zauna a gabana, ba ma kala ɗaya ba. A duk allon wuri ɗaya ne zai ɗauke shi, inda S ɗina zai manne a wutsiyar wata kalma.

Ta dubi allo, ta dube ni.

"Kai? Haruffa biyu? Yau ko dai ba ka da lafiya, ko dai kana ɓoye kaya."

Ta ajiye wata 'yar kalma mai maki tara, daidai bakin wurin. Ta toshe shi.

Na duba sama, na duba ƙasa, na duba gefe. Babu. Layin ƙasan da zai ɗauki doguwar kalma yana nan fayau, ba harafi ko ɗaya da zan rataya a kai, don ni na ƙi sa shi. Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba. Fanka tana juyawa, 'yan kwaya suna gwada waƙa a cikin coci, ni kuma ina ta jera haruffa bakwai ina wargazawa. Ƙarshe na fasa su, na riƙa ajiye uku-uku, sha biyu nan, sha huɗu can. Duk ramin da na fara haƙawa sai ta cike shi. Ta ci da ratar maki sha ɗaya.

Malam ya zo ya tsaya a kan allon, ya sa na nuna masa wurare biyun.

"Lokacin waye a gaba?"

"Ita ce, Malam."

"To rufe allo aikin wanda ke gaba ne. Kai da kake baya layi kake nema, ko da ita ma za ta samu. Ka taya ta gadi ke nan."

"Ai ku kuka ce in daina buɗewa."

"Shekara biyu ina faɗa, sai yau ka ji?"

Yaran suka kwashe da dariya. Ni ma na ga bakina yana yi.

Ta miƙo mini rabin biredinta, na karɓa na ci, ban san ko da ɗanɗano ba. A bas ɗin Samaru na wuce inda zan sauka, sai da kwandasta ya taɓa ni. Mai ƙosai ta hango ni ta ce, "Ɗan Kaduna, yaushe tafiya?" Na ce an ɗaga.

Ba a ɗaga ba. Asabar ta gaba suka tafi su uku, ita ta zo ta huɗu.