Sharaɗi na Uku a Wasiƙar Abokina

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a Gwadangaji, abokina ya aiko mini da wasiƙa. Manomin shinkafa ne a fadamar Zauro, kuma mutum ne da ko gayyatar suna zai yi sai ya sa lamba ɗaya, biyu, uku. Mu goma sha biyu ya rubuta wa. Ya ce zai kafa ƙungiyar gama kai, don a riƙa sayen taki da iri da man injin ban ruwa a dunƙule, a kuma sayar da amfani tare. Suna yake nema.

Ya jero sharuɗɗa. Sunan ya zama gajere, yadda zai shiga hatimi da jikin buhu. Kada a sa sunan mutum ko na gari. Kada a ambaci wata sana'a guda. Kada a sa kalmar da za ta sa a zaci hukumar gwamnati ce, don ofishin rajista ba ya karɓa. Kowa ya kawo uku, saboda idan wata ƙungiya ta riga ta ɗauki na farko, sai a duba na biyu.

Duk na gane, ban da na ukun. Mutumin da ko a mafarki shinkafa yake gani, me ya haɗa shi da gudun sunanta? Na kira shi, ya ce, "Malam, kai dai kawo suna. Ranar taro ka ji."

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Na zauna na ƙera "Zaratan Manoman Shinkafa", na karanta da ƙarfi har sau uku, na ji daɗin kaina. Na bi abokanmu ɗaya bayan ɗaya ina cewa sharaɗin nan son rai ne kawai. Kafin mako ya zagayo, bakwai sun koma bayana.

Ranar Juma'a na je Argungu gaida mahaifiyata. Bandar kifi take yi tun kafin a haife ni, da ita ta biya mini makaranta. Na same ta tana juya kifi a kan ragar waya ta banda, na karanta mata wasiƙar don ta ji irin shawarar da ake nema wurin ɗanta. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Yaron ga yana da hankali. In ni ta, Masu Sammako za ni ce. Da mai gona da mai jefa koma a ruwa da mu, wa ka kai hantsi kwance?" Na yi dariya, na rubuta don kada ta ji ba daɗi.

Aka yi taro a ƙofar gidan abokina. Na miƙe na yi jawabi, aka tafa. Shi bai yi gardama ba. Ya ce ya je ofishin kula da ƙungiyoyin gama kai a Birnin Kebbi, an yi masa bayani. Ana son aƙalla mutum goma, da rahoton taron farko, da kundin dokoki. A kundin ne ake rubuta wanda ya cancanci zama memba, kuma jami'in ya ce dole suna da kundi su tafi tare. In an ce manoman shinkafa, to ta manoman shinkafa ce. In ana son masu sana'a daban-daban, sai a yi mata rajista a matsayin mai manufofi da yawa.

"In munka ɗauki naka, Malam," in ji shi, "ga waɗanda za mu ba haƙuri."

Ya zaro takarda ya fara karanta masu albasa da masunta da suka nemi shiga. Suna na huɗu na mahaifiyata ne. Ashe tun da damina ta aika masa cewa itacen banda ya yi mata tsada, in ana saye a dunƙule a sa da ita. Ni da nake zuwa duk Juma'a ban taɓa tambayarta nawa take sayen itace ba.

Kunya ta rufe ni. Na janye sunan da na ƙera, na karanto wanda ta ba ni. Taro ya zaɓi uku, nata ne na ƙarshe.

A ofis, zaɓinmu na farko da na biyu duk an riga mu, don kowa a jihar nan alheri da haɗin kai yake sa wa ƙungiyarsa. Nata ne ya wuce. Jami'in ya ƙara masa jelar Turanci da doka ta ce a sa a ƙarshen sunan kowace ƙungiya, ya buga hatimi.

Har yau ina mamakin yadda kalma uku a kan takarda ke iya shigar da mutum ko ta bar shi a waje. Tun daga nan, in na ga sharaɗin da ban gane ba, nakan tambayi wa aka sa shi domin shi kafin in buɗe baki.

Ranar da aka kai mata rajistar membobi, na miƙa mata biro don in riƙe mata hannu. Ta ture, ta dangwala babban yatsa a tawada ta danna da kanta. Sannan ta dube ni ta ce, "An ce kai ka so a hidda ni. To matsa in ga wurin sunana."