Akuyar da Take Ƙin Tsalle a Kan Kunya

Shekarar da na gama makaranta na dawo gida Sabon Birni, ni da yayata muka ɗauki aikin haɗa wasan waya. Ita ke zane, ni ke rubuta umarnin da ke motsa shi. Akuya ce ke gudu cikin gonar gero, ka taɓa fuskar waya ta tsallake rami. Ƙasar wasan da ƙananan murabba'ai ake jera ta kamar tayil ɗin ɗaki, kuma yayata ta yi su da tudu da kwari, irin kunyoyin gonarmu ta Tsamaye.

Kawunmu, wanda ke kai kaya Nijar, shi muka fara sa wa a waya don ya rage zaman mota. Da ya dawo ko zama bai yi ba ya miƙo mini ita.

"Ɗana, akuyarga taka taurin kai gare ta. In taɓa ta yi tsalle, in taɓa ta ƙiya, sai ta abka rami."

"Kawu, ko dai yatsanka ke makara?"

"To taɓa da naka mu gani."

Na taɓa sau tara tana tashi. A na goma ta zarce cikin rami, kawu na tsaye a kaina.

Kwana shida na yi a kan wannan abu. Da tsallen ya mutu gaba ɗaya da ya fi mini sauƙi, amma sai ya yi ta aiki har in ce ya warke, sannan ya ƙi. Na zargi wayar kawu, na ari ta wani abokina a garin Isa, duk ɗaya. Na goge umarnin taɓawa na sake rubuta shi. Zafi ya sa kwamfutar da nake aiki da ita na mutuwa da azahar, sai in ɗora ta bisa faranti in jira ta huce, ni kuma ina ƙara fusata.

Abu guda na lura: a fili shimfiɗaɗɗe ba ta taɓa ƙi ba. Sai na je na sami yayata tana tsintar wake.

"Yaya, kunyoyinki ke kashe wasan. Ki baje su."

"Ka taɓa ganin gonar gero kamar siminti? Ban bajewa. Kai dai ka nemo abin da ka ɓata."

Na baje su da kaina ba tare da ta sani ba. Tsalle ya daidaita, amma gonar ta koma kamar titi. Da ta gani, ta kwashe takardun zanenta ta shige ɗaki. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na mayar da kunyoyin, matsalar ta dawo inda take.

Da dabara ta ƙare mini, sai na sa ɗan ɗigo a saman akuyar: kore in wasan ya yarda tana ƙasa, ja in yana ganin tana sama. Na ɗauki bidiyon gudunta na kalla a hankali. Tana taka kunya ɗigon ya hau ƙyaftawa, kore, ja, kore, alhali a ido ba ta tashi ba.

Laifina ne. Umarnin da na rubuta ba ya barin ta yi tsalle sai tana ƙasa, kuma yadda yake ganewa shi ne ya saki ɗan gajeren layi guda daga tsakiyar cikinta zuwa ƙasa; in layin ya sami ƙasa, to tana ƙasa ke nan. Wasan na dubawa sau sittin a daƙiƙa. In ta sauko daga tudun kunya da gudu, ko ta zo mahaɗar tayil biyu da tsawonsu ya bambanta, layin kan rasa ƙasa na dubawa ɗaya ko biyu. Wanda ya taɓa a daidai nan, an jefar da taɓawarsa.

Na cire layin na sa ɗan akwati mai kusan faɗin ƙafafunta. Ƙyaftawar ta ragu, ba ta ƙare ba. Sai na ƙara sassauci: in ta taɓa ƙasa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa da ya wuce, a bar ta ta yi tsalle. Na kira yayata da murna. Ta karɓi wayar, ta taɓa sau biyu da sauri, akuya ta yi tsalle ta ƙara wani a cikin iska.

"Yanzu kuma hira take yi," in ji ta, wato tashi irin na tsuntsu.

Na fita tsakar gida na zagaya kafin in iya zama. Na manta in soke sassaucin da zarar ta yi tsallen farko. Layin umarni ɗaya ne gyaran, amma sai da na ci wani yinin kafin in gano shi.

Ranar da wasan ya zauna daidai, muka yi ta miƙa wa juna wayar daga hantsi har la'asar, tsalle bai ƙi ko sau ɗaya ba. Ban ji daɗin da na zata ba, gajiya kawai na ji. Na ba yayata haƙuri, ta ce ya wuce, sannan ta shimfiɗa mini sabon zane: mataki na biyu, gangaren gulbi, duwatsu ko'ina.